Ku duba mini wannan wasiƙar kafin in tura, Juma'a za su rufe

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana na gama digiri a fannin wasan kwaikwayo, sai ga wani kamfanin shirya fina-finai ya fitar da sanarwa yana neman mataimaki a sashen rubutun labari. Abu uku suka ce a turo ta imel: wasiƙar neman aiki, takardar tarihin karatu da aiki, da samfurin rubutu wanda bai wuce shafi 10 ba. Ga abin da na rubuta, don Allah kar a ji kunyata, a faɗa mini gaskiya.

> Ya mai girma Shugaba, ina mai farin cikin rubuto wannan wasiƙa domin neman gurbin aiki a kamfaninku mai albarka. Tun ina ƙarama nake son fim, kuma burina shi ne in zama marubuciyar da duniya za ta san da ita. Ni mutum ce mai ƙwazo da haƙuri da iya zama da jama'a. Ina da labarai masu yawa waɗanda na tabbata idan kuka yi fim ɗinsu za su karɓu. Na haɗo da cikakken rubutun fim ɗina mai shafi 104 domin ku ga irin baiwar da Allah Ya yi mini. Ina fatan za ku ba ni dama.

Na san shafi 10 suka ce, amma labarin ba ya fitowa sai an karanta shi duka, shi ya sa nake so in tura gaba ɗaya.

Bashir: Wa'alaikumussalam. Wasiƙar ta yi daɗi, amma ba ki faɗi abin da suke so su ji ba. Wannan aikin na lokeshan ne. Ke za ki zauna kusa da darakta da takarda a hannu, kina rubuta ɗauka nawa aka yi, da wane hannu jarumi ya riƙe kofi, ko rigarsa a ɓalle take ko a rufe. Ki ce musu kina da lura kuma kina iya wuni a tsaye.

Malam Sabo: Bashir, aikin mai kwantiniti ka kawo, wanda ke kula da daidaiton ɗauka a wurin aiki. Mutane da yawa suna haɗa su saboda duka biyun suna yawo da rubutun fim a hannu. Amma duba abin da sanarwar ta nema: samfurin rubutu. Mai kwantiniti ba a tambayarsa samfurin rubutu. Wannan na ofis ne, tun kafin a kunna kyamara.

Hauwa'u, bari in fara da abin da zai yi zafi. Na yi shekaru a sashen rubutu, na kuma sha zama a kan tulin irin waɗannan wasiƙu. Wasiƙarki ba ta neman aikin da aka tallata. Aikin marubuciya take nema. Sau biyu kika yi maganar labaranki, ko sau ɗaya ba ki yi maganar labarin wani ba, alhali aikin mataimaki kusan dukkansa hidima ce ga rubutun da ba nasa ba. Mai karanta wasiƙar zai ce a ransa: wannan idan muka ɗauke ta, wata biyu za ta gaji da gyaran waƙafi, ta fara bin furodusa da labarinta.

Sai maganar shafi 104. Sun ce 10. Wannan adadin shi ne jarrabawar farko, kuma ba su ɓoye ta ba. Aikin da ake nema na bin umarni ne daki-daki, to wanda ya karya umarnin farko da aka ba shi tun bai shigo ba, me za a ce da shi?

Bashir: To na fahimta. Amma a ƙananan kamfanoni mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, na gani da idona.

Malam Sabo: Wannan gaskiya ne, ana yi. Idan sun kira ta tattaunawa sai ta tambaya. A wasiƙa dai ta tsaya kan abin da aka rubuta a sanarwa.

Hauwa'u: Malam, ya yi zafin kuwa, amma na gode. To me ainihin mataimakin yake yi? A makaranta an koya mana rubutu, ba a taɓa nuna mana abin da ke faruwa da rubutun bayan an miƙa shi ba.

Malam Sabo: Ya danganta da kamfani, amma abu uku ba sa ɓacewa. Za ki zauna a taron marubuta ki rubuta abin da aka yanke, ki tura wa kowa kafin a manta. Za ki karanta rubuce-rubucen da ke shigowa ki yi wa manya rahoto a taƙaice. Sannan ke ce mai tsaron rubutun: wane kwafi ne na ƙarshe, wa ya samu, wa bai samu ba, me ya canza tsakanin na jiya da na yau.

Na ukun nan shi ne inda ake gane mutum, bari in ba ki misali. Idan an kusa fara ɗauka, akan kulle rubutun, wato lambobin fitowa da na shafuka su tsaya cak, domin masu kaya, masu haske da mai tsara jadawali duk da waɗannan lambobin suke aiki. A ce bayan an kulle, darakta ya cire fitowa ta 23. Wanda bai sani ba zai goge 23 ya bar manhaja ta sake lissafi, sai 24 ta koma 23, 25 ta koma 24, har ƙarshen fim. Gobe mai kaya ya zo da rigar bikin fitowa ta 40 a ranar da ake ɗaukar zaman makoki. Wanda ya sani zai bar lambar a wurinta da alamar OMITTED, wato an cire, idan kuma aka ƙara sabuwa bayan ta 24 sai ya sa mata harafi:

```
23   OMITTED
24   INT. OFIS - DAY
24A  EXT. BAKIN TITI - NIGHT
```

Kuma ba a sake buga rubutun duka. Shafukan da suka canza kawai ake fitarwa, da alamar tauraro a gefen duk layin da aka taɓa. A tsarin da aka fi bi, kowane zagaye na gyara da launin takardarsa: fari ne na asali, sai shuɗi, sai ruwan hoda, sai rawaya, sai kore. Ba kowane kamfani ke bin launukan ba, amma ko ina akwai wanda ake tambaya "wanne ne na ƙarshe?", kuma wannan mutumin suke nema.

Yanzu tambayata: a shekarun da kika yi a jami'a, kin taɓa riƙe rubutun wani?

Nura: Kafin ta amsa, ni abin da ya dame ni daban ne. Hauwa'u kar ki kuskura ki tura musu komai sai kin yi wa labarinki rajista. Haka suke yi, su sa tallar aiki, mutum ɗari su turo labarai, su ƙi ɗaukar kowa, bayan shekara ka ga labarinka a talabijin da sunan wani. Ni da zan ba da shawara ma ki tura shafi ɗaya kawai.

Anti Rabi: Nura, tsoronka yana da tushe, amma ka juya hoton. A ƙasashe da yawa haƙƙin mallaka yana hawa kan rubutu ne tun daga lokacin da aka rubuta shi, rajista ƙarin hujja ce ta ranar da aka yi shi. Kuma abin da doka ke karewa shi ne rubutun kansa, ba ra'ayin labarin ba. "Yarinya ta gano mahaifinta yana da wata iyali a ɓoye" ba mallakin kowa ba ne. Zantukan da ta sa a bakin yarinyar su ne nata.

Abin da ba a cika sani ba shi ne kamfanonin ma suna tsoron mu. Bari in ba ku nawa. Lokacin da nake kamar Hauwa'u na tura wa wani kamfani cikakken rubutu ba tare da sun nema ba, na zauna ina ƙirga kwanaki. Amsar da ta zo layi biyu ce: ba sa karɓar rubutun da ba su nema ba, kuma sun goge fayil ɗin ba su buɗe ba. Na yi kuka ranar, na ɗauka wulaƙanci ne. Daga baya da na shiga harkar na gane cewa idan suna da labari mai kama da nawa a hannu, buɗe nawa kawai ya isa in kai su ƙara gobe. To cikakken rubutu mai shafi 104 da jimlar "idan kuka yi fim ɗinsu za su karɓu" ya tashi daga samfuri, ya koma tallar labari. Yana iya sa a ajiye takardunta gaba ɗaya ba don rubutun ba shi da kyau ba.

Nura: To ai duk da haka ana sata, Anti.

Anti Rabi: Ban ce ba a yi ba. Ta adana kwafinta da kwanan wata, ta adana imel ɗin da ta tura. Shafi 10 ba ya ba ɓarawo fim. Shafi ɗaya kuma ba ya ba ta aiki.

Hauwa'u: Malam Sabo, na yi ta tunanin tambayarka. A shekarar ƙarshe ƙungiyarmu ta yi gajeren fim na minti 14. Ba ni na rubuta ba, wani ɗan ajinmu ne. Ni aka bar wa kula da takardun saboda ni ce mai kwamfuta. An sake rubutun sau 6, kuma a na huɗu ne na lura cewa a fitowa ta 3 uwar ta ce shekara biyu ke nan rabonta da ɗanta, amma a fitowa ta 11 da aka ƙara daga baya ta ce ya zo mata watan jiya. Na nuna musu aka gyara kwana biyu kafin ɗauka. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba, shi ya sa ban sa ba.

Malam Sabo: Subhanallah. Kina zaune a kan abin da suke nema kina ba su labarin yarintarki! Wannan shi ne wasiƙar. Duk wanda ya turo takarda zai ce yana da ƙwazo da lura, kalmomin sun zama kamar gaisuwa, ido yana wucewa ta kansu. Amma "na kama saɓani tsakanin fitowa ta 3 da ta 11 kwana biyu kafin ɗauka" ba a ƙirƙiro shi a zaune. Mai karatu zai ga aikin da idonsa, shi da kansa zai ce kina da lura, ba sai kin faɗa ba.

Ki sake ta. Shafi ɗaya, kar ta kai ƙarshensa ma. Layin farko ya faɗi wane gurbi kike nema da inda kika ga sanarwar, domin wataƙila gurbi uku suka tallata a imel ɗaya. Sai labarin fim ɗin nan. Sai manhajar da kika iya, kuma kar ki rubuta wadda ba ki taɓa buɗewa ba, domin a tattaunawa za su iya miƙo miki kwamfuta. Sai layi biyu kan samfurin. Idan sanarwar ta ba da sunan wanda za a rubuta wa, ki sa sunansa. Idan ba ta bayar ba, ki rubuta wa sashen, ba Shugaba ba, domin Shugaba ba zai taɓa ganinta ba.

Zulai: Ni ƙaramin abu zan ƙara, don shi ya kayar da ni. Na nemi aiki irin wannan a wurare biyu a mako ɗaya, wasiƙa ɗaya na yi na canza sunan kamfani a sama, na manta akwai shi a sakin layi na uku. Na tura wa na biyu wasiƙar da ke yabon na farko. A aikin da rabinsa kama kuskure ne! Ki karanta da ƙarfi kafin ki tura, ki ba wani ya karanta. Kuma ki mayar da komai PDF. Idan kika tura a Word, kwamfutar da ba ta da irin harafin da kika yi amfani da shi sai ta musanya, shafinki 10 ya koma 11 da rabi. Sunan fayil kuma kar ya zama `final final 2.pdf`, ki sa sunanki da abin da ke ciki.

Hauwa'u: Zulai sannu, wannan ya yi ciwo. To saura samfurin. Wurin da na fi alfahari da shi a rubutuna shafi na 61 zuwa 67 ne, inda 'yan uwa biyu suke rabon kayan mahaifiyarsu. Shi zan tura, ko shafi 10 na farko?

Bashir: Na farko mana. Ai ana cewa shafi ɗaya minti ɗaya ne, to minti 10 na farkon fim shi ne ke kama mai kallo.

Malam Sabo: Shafi ɗaya minti ɗaya ƙiyasi ne, kuma yana aiki ne kawai idan an bi tsarin da aka saba, harafin Courier mai girman 12 da gefunan da manhajoji irin su Final Draft ko Celtx ke sawa da kansu. Ko a haka ma, shafin da ke cike da gajerun zantuka yakan wuce da sauri, layi ɗaya na bayanin faɗa kuma yana iya cin minti biyu. Amma a kan zaɓin, ina tare da Bashir. Shafukan farko ba sa buƙatar bayani. Mai karatu yana shiga bai san kowa ba, kamar yadda mai kallo zai shiga, sai ya ga ko kin iya gabatar da mutane. Fitowar shafi na 61 tana da ƙarfi a wurinki ne saboda kin san abin da ya faru a shafuka 60 da suka gabata. Shi bai sani ba.

Anti Rabi: A nan zan rabu da Malam. Ɗalibai da yawa shafukansu na farko su ne mafi rauni, saboda su suka fara rubutawa kafin hannu ya faɗa: a tashi daga barci, a gaisa, a yi ta bayanin wane ne wane. Rabon kayan uwa kuwa ba ya buƙatar shafi 60. Mutum biyu, ɗaki ɗaya, kowa yana son abu ɗaya, ko wa ya karanta zai gane. Ta sa layi biyu a sama: su wane ne, me ya faru kafin nan. Shafi 7 ke nan. Ragowar kuma ni da zan cike da rahoton karatu na shafi ɗaya ko biyu a kan wani fim da kowa ya sani: jigon labarin a jimla ɗaya, taƙaitaccen bayani, sai ra'ayinta kan inda ya yi ƙarfi da inda ya yi sanyi, da dalili. Wannan shi ne rubutun da za ta riƙa yi kullum idan an ɗauke ta, ba fitowa ba.

Malam Sabo: Rahoton yana da amfani, ban musa ba. Amma samfuri ɗaya suka ce. Idan ta cusa abu biyu a fayil ɗaya, wani mai karatun zai ga wayo, wani zai ga ba ta iya zaɓa ba. Ni da na ambata a wasiƙa cewa akwai shi idan suna so.

Anti Rabi: Ba wanda zai rubuto ya ce ki turo, Malam, ka sani. Mai tulin takardu ba ya neman ƙari.

Malam Sabo: Wanda ya kai zagaye na biyu ana nema. Hauwa'u, ga gwaji mai sauƙi kan fitowar: ki ba wanda bai san labarin ba shafi 61 zuwa 67, kar ki ce masa komai. Idan ya gama ki tambaye shi me kowace take so, kuma wa ta yi nasara. Idan ya amsa daidai, Rabi ta ci. Idan ya fara tambayarki "wai wace ce Binta?", ki koma farko.

Hauwa'u: Na ba ƙanwata ɗazu. Ta gane abin da suke faɗa a kai, har ta ce ƙaramar ce mai gaskiya, wanda ni ban nufa ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko uwar ta daɗe da rasuwa. Zan sa wannan a layin sama. Ga sabuwar wasiƙar:

> Zuwa ga Sashen Rubutun Labari,
>
> Ina neman gurbin mataimakiya a sashen rubutu wanda kuka sanar a shafinku. Na kammala digiri a fannin wasan kwaikwayo a bana.
>
> A shekarata ta ƙarshe ni ce na kula da rubutun wani gajeren fim na minti 14 da ɗan ajinmu ya rubuta. An sake shi sau 6. Ni ke rubuta abin da aka yanke a kowane zama, in shigar da gyara, in raba sabon kwafi ga mutum 9. A gyara na huɗu na gano saɓani tsakanin fitowa ta 3 da ta 11 game da lokacin da jarumar ta rabu da ɗanta, aka gyara kwana biyu kafin ɗauka. Da Celtx na yi aikin.
>
> Na haɗo da samfuri mai shafi 7, fitowa guda daga wani dogon rubutu nawa, tare da layi biyu na bayani a samanta. Ina rubutu, kuma ina so in koyi yadda rubutu ke tafiya daga hannun marubuci zuwa ranar ɗauka. Zan iya fara aiki daga farkon wata mai zuwa.
>
> Na gode da lokacinku.

Anti Rabi: Sama da ƙasa. Kalmar "wani" ta yi yawa, ki rage ɗaya. Kuma ki ƙara jimla guda da ke nuna kin kalli aikin kamfanin, amma ba yabo ba. Ki ambaci abu takamaimai da kika lura da shi a rubutun wani shirinsu. Idan ba ki kalla ba, kina da daren yau da na gobe.

Nura: Ni dai "ina so in koyi" ɗin nan bai kwanta mini ba. Kamfani ba makaranta ba ce, za su ce ita ta zo karɓa ne.

Malam Sabo: Da a layin farko yake da na yarda da kai. Amma ya zo bayan ta nuna abin da ta iya, kuma gurbin na masu farawa ne, sun san koyo za a yi. Ni zan bar shi. Abin da zan duba shi ne mutum 9 ɗin, ki tabbata 9 ne, don irin tambayar da ake jefowa ke nan a tsakiyar hira. Ki buɗe PDF ɗin a waya ma ki gani, da yawa a waya suke fara dubawa.

Hauwa'u: Na ƙirga a tsohon rukuninmu, 8 ne, na tara ni ce. Na gyara. Rahoton karatun kuma na fara rubutawa, ban dai yanke ba tukuna ko zai shiga fayil ɗin ko zai tsaya a wasiƙa. Shafi 3 suka rage mini.

Zulai: Ki tura ranar Alhamis, kar ki jira Juma'a da daddare. Kuma ki duba an maƙala fayil ɗin kafin ki danna, wannan ma na taɓa yi.